Waƙafi ɗaya da ya cinye dare guda

A rubutun yau da kullum waƙafi alama ce ta ɗan dakatawa. Idan marubuci ya manta da shi, ko ya sa shi inda bai dace ba, mai karatu kan gyara da kansa ya wuce, wani lokaci ma bai lura ba. A rubutun umarnin kwamfuta, wanda masu sana'ar ke kira kod, aikin waƙafi ya fi haka nauyi. Shi ne katangar da ke raba abu da abu: wannan suna da wancan, wannan lamba da waccan. Kwamfuta ba ta duba abin da mai rubutu ya yi nufi. Abin da ya buga kawai take bi, harafi bayan harafi. Idan katangar ta gusa da taki ɗaya, abubuwa biyu sukan koma ɗaya, ko abu ɗaya ya koma wani iri dabam.

Kurakuran da ake samu a kod iri biyu ne ta fuskar yadda suke bayyana. Akwai mai ƙara, wanda da zarar an yi shi kwamfuta ta tsaya, ta ƙi aiki, ta nuna layin da matsalar take. Misali, a tsarin ajiye bayanai da ake kira JSON, idan aka bar waƙafi bayan abu na ƙarshe a jeri, manhajar da ke karanta fayil ɗin takan ƙi shi nan take. Irin wannan yana da ban haushi, amma ba ya cin lokaci. Akwai kuma mai shiru, inda rubutun bai saɓa wa ƙa'idar harshen kwamfutar ba, sai dai ma'anarsa ta sauya. Manhaja ta tashi lafiya, ta yi aiki, ta ba da amsar da ba ita ba. Wannan na biyun shi ke hana masu rubuta manhaja barci, kuma labarin da ke tafe misalinsa ne.

A ɗauki wani matashi a Kano, bai fi shekara guda da fara karɓar aikin kuɗi ba. Ya haɗa wa wani ɗan kasuwar yadudduka a Kantin Kwari ƙaramar manhajar sayayya: mai saye ya zaɓi shadda ko atamfa a wayarsa, ya zaɓi garin da za a kai masa, ya biya. Da harshen Python ya rubuta ɓangaren da ke karɓar odar. A cikin kod ɗin akwai jerin garuruwan da shagon ke aika kaya, kuma duk odar da ta shigo sai an duba ko garin mai ita yana cikin jerin. In ba ya ciki, sai allo ya nuna wa mai saye cewa ba a kai kaya garinsu.

Wata ranar Alhamis da yamma ya yi gyare-gyare da dama a zama ɗaya. Ya sauya fasalin shafin oda, ya taɓa rumbun bayanai, sannan ya ƙara garuruwa biyu da mai shagon ya ce a ƙara, Zariya da Dutse, jerin ya cika 18. Ya gwada oda ɗaya zuwa Kano, ta wuce. Ya ɗora sabon kod ɗin a kan saba, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta a intanet, ya rufe ya tafi masallaci.

Bayan isha'i waya ta shigo.

"Ɗana, wata Hajiya ta kira daga Katsina, ta ce abin naka ya ce ba ma kai kaya garinsu. Shekara nawa muna kai mata?"

"Ranka ya daɗe, Alhaji, a yi haƙuri. Yanzu zan duba."

Ya buɗe kwamfuta ya gwada da kansa. Kano ta wuce, Kaduna ta wuce, Dutse da aka ƙara ɗazu ita ma ta wuce. Katsina ta ƙi. Zariya ta ƙi. Babu saƙon kuskure ko ɗaya a cikin rajistar da saba ke rubuta abin da ya faru. A wajen manhajar, komai daidai yake tafiya. Ƙarshen jerin, kamar yadda yake a fayil ɗin, ga shi:

```python
GARURUWA = [
    # ...
    "Kaduna",
    "Katsina,"
    "Zariya",
    "Dutse",
]
```

Mai karatun da aka riga aka faɗa wa cewa waƙafi ne zai iya hango shi. Wanda ba a faɗa wa ba, da wuya. A layin Kaduna waƙafin yana bayan alamar rufe zance. A layin Katsina yana cikinta. Adadin alamomin da ke layukan biyu ɗaya ne: alamar zance biyu, waƙafi ɗaya. Wuri kawai suka yi musaya. Yadda abin ya faru ma ba wani abin mamaki ba ne. Kafin ranar, Katsina ce ta ƙarshe a jerin, kuma babu waƙafi a bayanta. Da ya zo ƙari sai ya danna ƙarshen kalmar, alamar rubutu ta sauka kafin alamar zancen, ya buga waƙafi a nan, ya sauka layi na gaba ya ci gaba.

Abin da ya sa Python bai yi ƙorafi ba shi ne wata ƙa'ida da ke cikin harshen tun da daɗewa. Idan aka rubuta zance biyu a cikin alamomin zance, ɗaya kusa da ɗaya, babu komai a tsakaninsu sai fili ko sabon layi a cikin baka, Python yakan manne su su zama guda. An yi haka ne da niyya mai kyau, don mai rubutu ya iya raba doguwar jimla a layuka biyu ko uku ba tare da ta fita daga allo ba. Harshen C ma yana da wannan ɗabi'ar. To a nan, da waƙafin ya shige cikin zancen ya zama harafi kamar sauran haruffa, sai ya kasance babu katanga tsakanin Katsina da Zariya. Python ya manne su, ya samar da gari ɗaya mai suna `Katsina,Zariya`. Shi kuwa binciken `gari in GARURUWA` a kan jeri yana neman abin da ya yi daidai da sunan gaba ɗayansa ne, ba wanda ya ƙunshe shi ba. Don haka Katsina ba ta cikin jerin, Zariya ma ba ta ciki.

Matashin bai san wannan ba tukuna. Zatonsa na farko ya tafi ga rubutun suna, kuma zato ne mai ma'ana. Wasu na rubuta Zaria, wasu Zariya. Wataƙila shafin oda yana aiko da ɗaya, jerin kuma yana ɗauke da ɗayan. Ya duba, iri ɗaya ne. Da ya natsu ma zai tuna cewa Katsina ba ta da rubutu biyu. Daga nan ya koma zargin fili da ba a gani, irin wanda kan maƙale a ƙarshen kalma idan ta fito daga waya, da kuma bambancin babban baƙi da ƙarami. Ya sa `strip()` don share filin, ya sa `lower()` a ɓangarorin biyu don daidaita haruffa, ya sake ɗorawa. Babu abin da ya sauya, sai dai yanzu kod ɗin ya ƙaru da layukan da ba ya buƙata.

Wajen sha ɗaya na dare ya karkata ga saba. Ko tsohon kod ne ke aiki har yanzu? Ya kashe ya kunna, ya goge ajiyar wucin gadi ta burauza, ya gwada da wayar ƙaninsa. Wannan zaton ma Dutse ta isa ta rushe shi, domin da tsohon kod ne ke aiki da Dutse ba ta wuce ba, Katsina kuma da ba ta ƙi ba. Sai ya faɗa rumbun bayanai, inda ya fi jin tsoron ya yi ɓarna da yamma. A nan ne mafi yawan daren ya tafi. Ya bi teburin kwastomomi layi-layi, ya dawo da kwafin jiya, ya kwatanta, ya sake mayarwa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, ya rage hasken allo don batir ya kai shi.

Sau ɗaya a daren ya zo daf da amsar. Wajen ƙarfe biyu ya sa `print(GARURUWA)` don ya tabbatar da idonsa cewa garuruwan suna nan. Allo ya zubo su duka a dogon layi ɗaya, ƙarshensa kamar haka:

```
'Kaduna', 'Katsina,Zariya', 'Dutse']
```

Ya ga Katsina, ya ga waƙafi, ya ga Zariya. Ya ce jerin lafiya yake, ya goge layin ya koma rumbun bayanai. Kaza ce ta kwana a kan dami da yunwa. Ido mai neman kalma kalmar yake gani, ba ya ƙirga ƙananan alamomin da ke kewaye da ita, balle idon da ya yi awa biyar yana kallon allo. Wannan ba gazawar matashin kaɗai ba ce. Duk mai gyaran rubutu ya san yadda mutum ke karanta abin da ya yi niyyar rubutawa maimakon abin da ke kan takarda, shi ya sa ake ba wani dabam ya duba.

Bayan sallar asuba ya zauna da wata dabara. Ya bar shafin oda, ya bar saba, ya bar rumbun bayanai. Ya buɗe Python tsurarsa, ya shigo da jerin shi kaɗai, ya yi masa tambayoyi biyu waɗanda amsarsu ba ta buƙatar fassarar ido:

```python
>>> "Katsina" in GARURUWA
False
>>> len(GARURUWA)
17
```

Amsar farko ta wanke duk abin da ya kwana yana zargi, tunda ga matsalar ta bayyana ba tare da waya ko saba ko rumbu ba. Ta biyu ta nuna irin matsalar: ya rubuta layi 18, kwamfuta ta ƙirga 17. Ya sa a buga kowane gari a layinsa, sai ga Katsina da Zariya a layi guda. Gyaran bai wuce danna maɓalli uku ba. Da hantsi ya kira mai shagon ya ce a sanar da Hajiyar Katsina ta sake gwadawa, sannan ya zauna cire duk layukan da ya cusa cikin dare, waɗanda kowannensu zai iya haifar da tasa matsalar nan gaba.

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa a labarin shi ne cewa alamun da suka isa su kai ga amsar suna nan tun kiran farko. Garuruwa biyu ne suka ƙi, kuma maƙwabtan juna ne a jerin. Ba maƙwabta ba ne a taswira, ba su da harafin farko ɗaya, ba a rana ɗaya aka sa su ba. Abin da ya haɗa su kawai shi ne layin ɗaya yana bin na ɗaya. Duk lokacin da abubuwa biyu masu bin juna a jeri suka ɓace tare, abin da ke tsakaninsu ne abin zargi na farko. Alama ta biyu ita ce Katsina tana aiki jiya, yau ta daina, wato wani abu da aka taɓa yau ne ya shafe ta. Manhajar Git, wadda masu rubuta kod ke adana tarihin gyare-gyarensu da ita, tana da umarnin `git diff` da ke nuna layukan da suka sauya kaɗai. Da ya duba, zai ga layin Katsina sau biyu, tsohon da alamar ragi, sabon da alamar ƙari, ya tambayi kansa me ya kai shi taɓa layin da bai yi niyyar sauyawa ba. Amma fa ya haɗa gyara uku a zama ɗaya, don haka abin da Git zai nuna masa dogo ne, layin kuma ya nutse a ciki. Gyara ƙanana, kowanne a adana shi dabam da bayaninsa, shi ne abin da ke sa wannan umarnin ya yi amfani. Matasa da yawa suna ganin wannan ɓata lokaci ne, alhali shi ke sa a san wane gyara ne ya kawo matsala ba tare da an kwana ana lalube ba.

Kuskuren dabararsa shi ne ya bi tsoro maimakon shaida. Ya fi jin tsoron rumbun bayanai, don haka can ya tafi. Jerin garuruwa kuwa abu ne mai sauƙi har ya ga bai cancanci zargi ba. Ƙwararru sukan yi akasin haka: su rage matsalar har ta koma mafi ƙanƙantar abin da zai iya nuna ta, su cire ɓangare ɗaya su gwada, su cire wani su gwada, kuma su yi wa kwamfuta tambayar da amsarta lamba ce ko e ko a'a. Tambayoyin nan biyu na bayan asuba da an yi su da tara na dare, da an gama kafin tara da rabi.

Ba sababbin shiga kaɗai wannan tarkon ke kamawa ba. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python ya fitar da shi a 1991, shi da kansa ya koka a 2013 cewa ya ɓata lokaci yana neman kuskuren da ya samo asali daga waƙafin da ya manta tsakanin zance biyu, har ya tayar da maganar ko ya kamata a daina amfani da wannan mannewar. Tun kafin nan, a 2007, lokacin da ake shirya Python 3, an gabatar da shawara a rubuce mai lamba PEP 3126 cewa a cire ta daga harshen, aka ƙi amincewa. Masu amfani da ita wajen raba dogayen jimloli suna da yawa, kuma cire ta zai lalata ɗimbin kod da ke aiki lafiya. Har yau tana nan.

Waƙafi yana da wani tarkon a Python, wanda shi kuma ƙari ne ba gusawa ba:

```python
farashi = 2500,
print(farashi * 3)   # (2500, 2500, 2500)
```

Waƙafin da ke ƙarshen layin farko ya mayar da lambar ta zama ƙunshi mai ɗauke da abu ɗaya, abin da harshen ke kira `tuple`. Ninka ƙunshi sau uku kuwa maimaita shi ne sau uku, don haka maimakon 7500 sai a sami 2500 a jere har uku. Irin wannan yakan faru idan aka kwafo layi daga cikin wani jeri aka manna shi a waje da waƙafinsa. Sau da yawa kuskuren ba ya fashewa a layin da aka yi shi, sai can gaba inda aka zo tara kuɗi ko ajiye su, mai nema kuma ya tsaya yana tono a inda ya fashe.

Tsofaffin masu sana'ar suna da nasu misalin daga harshen Fortran. Layin `DO 10 I = 1,10` yana nufin a maimaita wani aiki sau goma. Idan aka buga aya a wurin waƙafin ya zama `DO 10 I = 1.10`, tsohon Fortran, wanda ba ya kula da fili tsakanin kalmomi, sai ya karanta shi a matsayin ajiye lamba 1.10 a wani suna `DO10I`, aikin kuma ya gudana sau ɗaya tak. An daɗe ana jingina wannan ga kumbon Mariner 1 na Amurka da aka tarwatsa mintuna kaɗan bayan tashinsa ranar 22 ga Yuli, 1962, amma ba waƙafi ne ya kayar da shi ba. Abin da aka gano a lissafin tuƙa kumbon shi ne wata 'yar sanda da ake ja a saman harafi ta faɗi wajen kwafar ƙa'idar lissafin, ga kuma tangarɗa a na'urar da ke karɓar saƙon tuƙi daga ƙasa.

Hanyoyin kariya daga irin abin da ya sami matashin ba su da tsada. Mafi sauƙi ɗabi'a ce: a jerin da aka rubuta layi-layi, a sa waƙafi har bayan abu na ƙarshe. Python ya yarda da haka. Da Katsina tana da waƙafinta tun farko, da ƙara Zariya bai sa an taɓa layinta ba. Manhajar Black, wadda ke tsara fasalin kod ɗin Python da kanta, takan sa wannan waƙafin na ƙarshe idan ta baje jeri layi-layi. Manhajojin rubuta kod kuma suna ba zance launi dabam da sauran alamomi, don haka waƙafin da ya shige cikin zance yakan ɗauki launin zancen. Alama ce ƙarama, amma wanda ya san da ita yakan gan ta.

Akwai kuma manhajojin da ke karanta kod suna nuna wuraren da ake zargi tun kafin a kunna shi. Pylint, ɗaya daga cikinsu, yana da gargaɗi mai suna `implicit-str-concat` don wannan matsalar. Sai dai akwai iyaka da ya kamata a sani: a yadda yake zuwa, zance biyu da ke layi ɗaya yake kamawa. Don ya kama waɗanda ke layuka dabam-dabam, kamar Katsina da Zariya, sai an kunna masa zaɓin `check-str-concat-over-line-jumps`. Wanda ya ɗora Pylint bai kunna wannan ba, zai sami rahoto mai tsabta alhali garuruwansa biyu a manne suke.

Gwaji na atomatik ya fi duk waɗannan ƙarfi, domin shi ba fasalin rubutu yake dubawa ba, sakamako yake dubawa. Layi ɗaya kamar `assert len(GARURUWA) == 18` da ya tsayar da kod ɗin tun ranar Alhamis da yamma, kafin a ɗora shi. Gwajin da ke bin zaɓuɓɓukan da shafin oda ke nuna wa mai saye ɗaya bayan ɗaya, yana tabbatar da cewa an karɓi kowanne, ya fi wannan inganci, saboda ba ya buƙatar a tuna a sauya lamba duk lokacin da aka ƙara gari. Ainihin raunin manhajar ma a nan yake: sunayen garuruwan a wuri biyu suke, a shafin oda da kuma cikin kod ɗin da ke tantancewa, don haka suka iya saɓa wa juna. Idan aka fitar da su zuwa fayil guda ko tebur guda a rumbun bayanai, kowane gari a layinsa, ɓangarorin biyu suna karantawa daga can, babu sauran alamar zance ko waƙafin da za a buga da hannu, kuma mai shagon ko yaronsa zai iya ƙara gari ba tare da an buɗe kod ba.